Abin da ya kamata a duba a takardar neman gudummawar ƙungiya kafin a fitar da ita

Takardar neman gudummawa da ƙungiyar al'umma ke fitarwa alkawari ce a rubuce, ko da waɗanda suka rubuta ta sun ɗauke ta a matsayin roƙo kawai. Duk wanda ya ba da kuɗinsa bayan ya karanta ta, ya bayar ne bisa abin da takardar ta faɗa, kuma da wannan bayanin ne zai zo ya tambayi ba'asi daga baya. Saboda haka aikin wanda aka miƙa wa takardar ya duba kafin a watsa ta ya wuce gyaran rubutu da zaɓen kalmomi masu motsa zuciya. Aikinsa shi ne ya bi kowace jimla ya tambayi kansa ko za a iya tabbatar da ita a yau, da kuma ko za a iya gwada ta da abin da aka aikata bayan wata shida.

Abin zai fi fitowa fili idan aka ɗauki misali guda aka bi shi dalla-dalla. A ce wata ƙungiya tana da gini mai ɗakuna uku inda yara ke zuwa darasin yamma, rufin ginin ya fara yoyo, kwamitin ƙungiyar kuma ya rubuta takarda mai cewa: "Rufin ɗakin karatunmu ya lalace, yaranmu suna cikin mawuyacin hali. Muna roƙon jama'a su taimaka domin gyaran rufin da sauran ayyukan ci gaba. Duk abin da aka bayar za a yi amfani da shi yadda ya dace." Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan rubutu, kuma mai yiwuwa ne waɗanda suka rubuta shi mutane ne masu gaskiya da suka daɗe suna yi wa ƙungiyar hidima ba tare da an biya su ba. Duk da haka babu jimla ɗaya a cikinsa da wani zai iya kamawa ya ce an cika ta ko an saɓa mata.

Mai dubawa zai fara da buƙatar kanta. "Ya lalace" bai gaya wa kowa girman ɓarnar ba, domin rufin da kwano biyu suka huje a cikinsa da rufin da katakonsa ya ruɓe duka ana iya cewa sun lalace, alhali kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kusa. Abin da ake so shi ne a sami wanda ya san aikin, kafinta ko injiniyan gini, ya hau ya duba ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. A misalinmu, a ce ya tarar ɗakuna biyu cikin ukun ne ke yoyo, kwano 48 cikin 120 sun ci tsatsa har sun huje, katakai shida da ke riƙe da rufin ɗakin farko kuma sun ruɓe. Haka nan "mawuyacin hali" yana buƙatar a fassara shi zuwa abin da ya faru a zahiri: yara 60 ne ke zuwa darasi, an soke darasin sau 14 a lokacin ruwan saman da ya wuce, kuma rajistar halartar yara tana nan ga mai son ya duba. Wannan bayani bai fi na farko tsawo sosai ba, amma yana ba mai karatu damar ya auna lamarin da kansa, kuma yana nuna masa cewa kwamitin ya yi bincike kafin ya miƙa hannu.

Akwai tambaya ɗaya da masu rubuta irin waɗannan takardu ba sa son a yi musu, kuma ita ce mai bayarwa ke yi a zuciyarsa: ina kuɗin wata-wata da mambobi ke biya? Idan ƙungiya tana karɓar kuɗi daga mambobinta, takardar ta faɗi nawa ke cikin asusu da nawa daga ciki za a sa a wannan aiki. Wasu suna tsoron cewa bayyana abin da ke hannu zai sa mutane su rage bayarwa. A ganina akasin haka ya fi faruwa, domin mutum ya fi sakin jiki da ƙungiyar da ta fara sa nata kafin ta nemi na wasu, kuma idan aka ɓoye kuɗin sannan ya bayyana a rahoton shekara, zargin da zai biyo baya ya fi duk wani ragin gudummawa tsada.

Daga nan sai adadin da ake nema. Domin lissafin ya yi sauƙi, mu ɗauki dukan kuɗin aikin a matsayin kashi 100. Kwano da ƙusa sun ci 45, katako 20, ladan ma'aikata 20, jigilar kaya 5, sannan an ware 10 na ko-ta-kwana. Mai dubawa zai nemi ya ga inda kowane adadi ya fito, wato kiyasin da aka karɓa a rubuce daga aƙalla mutum biyu ko uku masu yin aikin, da ranar da aka ba da kiyasin da kuma tsawon lokacin da mai kiyasin ya yarda farashin zai tsaya. Kiyasin da ya yi wata takwas a aljihun sakatare ba abin dogaro ba ne, domin farashin kayan gini yana motsi. Kuɗin ko-ta-kwana kuwa ba abin kunya ba ne da za a cusa shi a ɓoye cikin farashin kwano. A aikin rufi sau da yawa sai an kware tsohon kwano ake ganin katakon da ya ruɓe wanda ba a gani daga ƙasa, don haka ware wani abu saboda irin wannan hikima ce. Sai dai a ambace shi da sunansa, a kuma faɗi wanda ke da ikon amincewa a taɓa shi.

Idan ƙungiyar tana da kashi 15 a asusunta da za ta saka, abin da ake nema daga jama'a 85 ne. Amma tara kuɗi shi ma yana cin kuɗi: buga takardu, hayar wurin ƙaddamar da gidauniya, da abin da banki ko dandalin karɓar kuɗi ta intanet ke cirewa. A ce waɗannan suna cinye 4 cikin kowane 100 da aka tara. To, domin a tsira da 85 sai an tara kusan 89. Ƙungiyar da ta sanar da 85, ta tara 85 cif, ta yi murna, za ta tarar tana da giɓin fiye da 3 a ranar biyan ma'aikata, kuma a nan ne ake fara aro daga wani asusu da niyyar mayarwa. Takardar ta faɗi ko za a cire kuɗin tarawar daga gudummawa ko ƙungiyar ce za ta ɗauke shi daga aljihunta. Duka biyun halal ne, abin da bai dace ba shi ne a rubuta cewa kowane abin da aka bayar zai tafi ga rufi kai tsaye alhali ba haka za a yi ba.

Haka nan ya kamata a raba alkawari da kuɗin da ya shigo hannu. A wurin ƙaddamar da gidauniya mutane suna tashi su ambaci adadi, wasu su cika a makon, wasu bayan watanni, wasu kuma ba za su cika ba har abada. Idan an yi alkawarin 25 kuma akwai 15 na ƙungiya, faɗin "mun riga mun sami 40" kuskure ne mai haɗari ta fuska biyu: yana sa sababbin masu bayarwa su ɗauka an kusa kai wa gaci, kuma idan rahoton ƙarshe ya nuna ƙasa da haka, mutane za su ɗauka wani ne ya ci bambancin. Duk sanarwar da za ta fita ta nuna adadi biyu daban, abin da aka alkawarta da abin da ya shiga banki.

Yanzu mu zo ga kalmomin da suka fi kowane ɓangare na takardar nauyi, wato "da sauran ayyukan ci gaba". Kwamitoci suna ƙara irin wannan jela ne domin su bar wa kansu ƙofa, amma ƙofar tana cutar da kowa. Mai bayarwa da ya karanta takardar, rufi ya gani, da rufi kuma ya tafi a ransa, saboda haka idan ya ji an sayi kujerun taro da kuɗin zai ga an yaudare shi ko da jelar tana nan a rubuce. Cire jelar gaba ɗaya ba tare da an sa wani abu a gurbinta ba shi ma yana da tasa matsalar, domin kuɗin da aka bayar don wata manufa takamaimai amana ce da aka ɗaure da wannan manufar, kuma a dokokin ƙasashe da dama ƙungiya ba ta da ikon karkatar da shi yadda ta ga dama. Abin da takardar ke buƙata shi ne ta amsa tambayoyi biyu tun kafin a karɓi gudummawar farko: me za a yi idan kuɗin bai kai ba, me kuma za a yi idan ya yi rara.

Manyan gidauniyoyi ma sun ci karo da wannan. A farkon shekarar 2020, lokacin gobarar dajin Ostareliya, 'yar wasan barkwanci Celeste Barber ta buɗe gidauniya ta intanet wadda ta tara kimanin dalar Ostareliya miliyan 51, kuma an buɗe ta ne da sunan asusun amana na hukumar kashe gobarar karkara ta jihar New South Wales. Da kuɗin ya zarce duk abin da aka zata, sai masu bayarwa da dama suka sa ran za a raba shi ga waɗanda gobarar ta shafa da wasu ƙungiyoyi da wasu jihohi. A watan Mayun 2020 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ba za a iya miƙa kuɗin ga wasu ƙungiyoyin agaji ko hukumomin kashe gobara na wasu jihohi ba, domin takardar da ta kafa asusun ta iyakance abin da za a iya yi da shi. Babu wanda ya saci komai, amma abin da mutane suka ɗauka sun bayar dominsa da abin da asusun ke da ikon yi sun sha bamban. Darasin ga mai duba takardar ƙaramar ƙungiya shi ne ya ajiye takardar neman gudummawar kusa da tsarin mulkin ƙungiyar ya gwada su, ya tabbata abin da ake alkawarta wa jama'a yana cikin abin da ƙungiyar ke da hurumin yi.

Akwai kuma misalin yadda ake riƙe rara da mutunci. Bayan igiyar ruwan tsunami da ta afka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya a ranar 26 ga Disamba 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ga kuɗin da aka ba ta domin wannan bala'i ya wuce abin da aikinta a yankin ke buƙata, sai ta sanar a farkon Janairun 2005 cewa a daina aiko mata da gudummawar da aka keɓe don tsunami, daga baya kuma ta nemi izinin masu bayarwa ta yi amfani da rarar a wasu wuraren da ake cikin bala'i. Hanyar da ta bi ita ce wadda ƙaramar ƙungiya ma za ta iya bi: a sanar an kai adadi, a rufe karɓa, a nemi yardar masu kuɗin kafin a canza manufa. Amma bin mutane ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai wahala, musamman waɗanda suka jefa kuɗi a akwati ba tare da suna ba, shi ya sa jimla ɗaya da aka rubuta tun farko take sauke wannan nauyin. A misalinmu tana iya zama: "Idan kuɗin ya yi rara, za a ajiye shi a asusun kula da wannan gini, kuma ba za a kashe shi a kan wani abu daban ba sai da amincewar babban taron mambobi." Wannan ya bambanta da "sauran ayyukan ci gaba" domin ya ambaci wuri guda da kuɗin zai je da kuma wanda zai yanke hukunci.

Giɓi ya fi rara yawan faruwa a ƙananan ƙungiyoyi, kuma a aikin gini ya fi ta haɗari. A ce wa'adi ya cika, duka abin da ke hannu, har da na ƙungiya, kashi 60 ne. Kwamitin da bai yi tunanin wannan tun farko ba yakan kware rufin ɗakunan biyu da fatan ganin an fara aiki zai sa mutane su ƙara bayarwa, sai kuɗi ya ƙare, ruwa ya sauka a kan ginin da babu rufi, a wayi gari ɓarnar ta fi ta da. Mai dubawa ya nemi a raba aikin mataki-mataki yadda kowane mataki zai tsaya da ƙafarsa. Ɗakin farko, mai ruɓaɓɓun katakai shida, a ce zai ci 55, na biyu kuma 45. Sai takardar ta ce ba za a cire kwano ko ɗaya ba har sai 55 ya shiga banki, idan an sami tsakanin 55 da 100 za a kammala ɗakin farko a ajiye saura don na biyu, idan kuma ba a kai 55 ba zuwa ranar da aka ambata, za a kira taro a zaɓi ko a ƙara wa'adi ko a mayar wa waɗanda aka san sunayensu kuɗinsu. Ranar rufe karɓa dole ta kasance a rubuce, domin gidauniyar da ba ta da ranar rufewa ba ta da ranar ba da ba'asi.

Jimlar ƙarshe ta takardar, "za a yi amfani da shi yadda ya dace", tana neman jama'a su yarda da halin mutane ne kawai. Abin da ya kamata ya maye gurbinta shi ne bayanin tsarin da kuɗin zai bi. Lambar asusun da aka buga ta zama da sunan ƙungiya. Idan ta wani mutum ce, ko da shi ne shugaba ko ma'aji, kuɗin jama'a zai cakuɗe da nasa, idan ya rasu ko aka bi shi bashi kuɗin zai iya shiga rigimar da ba ta shafi ƙungiya ba, kuma shi kansa ba zai iya nuna bayanin asusunsa ga taro ba tare da ya tona sirrin harkokinsa ba. Fitar da kuɗi ya buƙaci sa hannun mutum biyu cikin uku, kuma ba a sa hannu a kan cak ɗin da ba a cike ba don sauƙaƙa wa abokin aiki, domin yin haka ya mayar da sa hannun biyu tamkar ɗaya. Wanda ya amince da sayayya daban, wanda ya biya daban, wanda kuma ke gwada littafin ma'aji da bayanin banki ya zama ba ya cikin masu sa hannu. Wasu ma'ajai suna jin wannan a matsayin rashin yarda da su, alhali shi ne kaɗai abin da zai wanke su ranar da jita-jita ta tashi.

Tsabar kuɗi ita ce wurin da lissafi ya fi ɓacewa. Mutum biyu su ƙirga abin da aka tara a wurin taro, su rubuta adadin su sa hannu kafin a tashi, a ba kowane mai bayarwa rasit mai lamba a jere wanda kwafinsa ke zama a littafi, sannan a kai kuɗin banki gaba ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a biya mai lasifika ko mai jigila daga kuɗin da ke hannu kafin a kai banki. Da zarar an yi haka, jimillar rasit ba za ta yi daidai da abin da ya shiga asusu ba, kuma babu wanda zai iya bambance kashewar gaskiya da ɓacewa. Idan kuma kafintan da zai yi aikin ɗan'uwan wani ne a kwamiti, wannan bai hana a ba shi ba matuƙar kiyasinsa ya fi dacewa, amma a bayyana dangantakar a rubuta ta a bayanan taro, ɗan kwamitin kuma ya fita lokacin da ake zaɓe.

Ba lallai ne duk wannan ya shiga takardar dalla-dalla ba. Takardar da ta kai shafi huɗu babu mai karanta ta, don haka layi uku sun isa su faɗi sunan asusu da masu riƙe da muƙaman da ke sa hannu da inda mai son ganin cikakken kiyasi zai same shi. Abin da ba za a bari ba shi ne ranar rahoto da abin da rahoton zai ƙunsa, misali kwana 30 bayan kammala aiki, da taƙaitaccen bayani kowane wata kafin nan. Rahoton ya bi layukan kiyasin da aka buga tun farko, kwano da ƙusa, katako, lada, jigila, ko-ta-kwana, ya sa abin da aka kiyasta kusa da abin da aka kashe, ya bayyana dalilin duk bambanci mai girma. Idan katako ya ci 27 maimakon 20 saboda an tarar da ƙarin biyu da suka ruɓe, sai a ga 7 ya fita daga ko-ta-kwana, 3 ya rage. Gwajin da kowane mamba zai iya yi da kansa shi ne ya haɗa abin da ke asusu tun farko da abin da ya shigo, ya cire abin da aka kashe, ya duba ko sakamakon ya yi daidai da abin da bayanin banki ya nuna a wannan ranar. Hoton sabon rufi yana da daɗin gani, amma yana tabbatar da cewa an yi aiki ne kawai, ba ya faɗin nawa aikin ya ci.

Bayyana gaskiya yana da iyakar da mai dubawa zai kiyaye. Yaran da ke zuwa darasin ba su ne ke neman kuɗi ba, saboda haka adadinsu ya isa, ba a buƙatar sunayensu ko hotunan fuskokinsu ba tare da yardar iyayensu ba. Mai bayarwa da ya nemi a sakaya sunansa a sakaya shi, amma adadin da ya bayar ya fito a lissafi da lambar rasit ɗinsa, ta yadda shi zai gane kuɗinsa ya shiga, mai binciken kuɗi kuma zai iya bin diddigi ba tare da an karanta sunan a bainar jama'a ba.

Shi kansa mai dubawar bai kamata ya zama cikin waɗanda suka rubuta takardar ko waɗanda za su kashe kuɗin ba, domin wanda ya san labarin a kansa ba ya ganin abin da takardar ta tsallake. Hanya mai sauƙi ita ce a ba wani da bai halarci tarukan kwamiti ba ya karanta, sannan a karɓe takardar a tambaye shi nawa ake nema, me za a yi da shi, yaushe za a rufe karɓa, wa ke riƙe da kuɗin, yaushe kuma zai ji bayani. Duk tambayar da ya kasa amsawa tana nuna layin da ya rage a rubuta. Kuma idan kwamitin ya amince da gyararriyar takardar, a rubuta amincewar a bayanan taro, a ajiye kwafinta mai kwanan wata a fayil ɗin ma'aji, domin duk saƙon waya da sanarwar baki da za su biyo baya su tsaya a kan adadi da manufar da ke cikinta, kuma da ita mai binciken kuɗi zai gwada rahoton ƙarshe.